Allurar rigakafi ga mai juna biyu: wacce ake yi, kuma yaushe

Tambaya: Assalamu alaikum. Cikina na fari ne, yana da mako 30, kuma sai a wannan makon na fara zuwa awo. An yi mini allurar tetanos, aka ce in dawo bayan mako huɗu a yi mini ta biyu. Wata ƙawata ta ce guda ɗaya ta wadatar, wai yawan allura yana taɓa abin da ke ciki. Ban san ko an yi mini rigakafi ina ƙarama ba, babu kati. Shin dole ne in koma? Kuma allurar mura da nake jin ana faɗa, ita ma ta halatta ga mai ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raba lafiya. Ki koma, kuma kada ki bari ranar ta wuce ki. A halin da kike ciki allura ɗaya ba ta ba jaririnki kariyar da za a dogara da ita ba, ta biyun ce za ta yi wannan aikin, kuma lokacin da ya rage miki ya isa, sai dai ba shi da rarar da za a yi wasa da ita.

Allurar da aka yi miki ba ta da ƙwayar cuta mai rai a cikinta. Cutar tetanos, wadda muke kira sarƙe-haƙora, dafi ne yake haddasa ta, dafin da wata ƙwayar cuta ke fitarwa idan ta samu shiga rauni. Ƙwayar tana zaune a cikin ƙasa da ƙura da kashin dabbobi, tana iya shekaru a can ba ta mutu ba. Masu haɗa rigakafi sun ɗauki wannan dafin ne suka kashe masa kaifi, suka bar kamanninsa kawai, ta yadda jiki zai gan shi ya gane shi, amma ba zai iya cutar da kowa ba. Da ya shiga damtsenki, jikinki ya fara ƙera sojojin da suka san wannan dafin. Waɗannan sojojin ne suke bi ta mabiyiya su shiga jinin jariri. Wato abin da yake isa ga ɗan da ke cikinki kariyar da jikinki ya ƙera ce. An shafe shekaru da dama ana yi wa miliyoyin mata masu ciki wannan allura a faɗin duniya, ba a same ta da haddasa ɓari ko nakasa ko hana haihuwa ba. Ki faɗa wa ƙawarki haka cikin lumana, don ita ma wata rana za ta buƙace ta.

Batun lokaci ya rataya ne a kan abu biyu da ba a iya gaggauta su. Na farko, jiki yana buƙatar kimanin mako 2 bayan allura kafin sojojin su taru da yawa a cikin jini. Na biyu, mabiyiya ba ta miƙa su da ƙarfi ɗaya tun farkon ciki har ƙarshensa. Tana farawa kaɗan-kaɗan bayan wata uku na farko, sannan aikin ya kankama a wata uku na ƙarshe, musamman makonnin da ke dab da haihuwa. Jaririn da ya cika wata tara sau da yawa ana samun sojojin da ke jininsa sun kai na mahaifiyarsa, wani lokaci ma sun fi. Shi ya sa ma'aikatan awo suke ƙirga kwanaki daga ranar haihuwa su dawo baya. So ake yi jininki ya cika da kariya kafin wannan lokacin na miƙawa ya wuce.

To me ya sa guda ɗaya ba ta isa ba? Ga macen da ba a taɓa yi wa rigakafin tetanos ba, allurar farko gabatarwa ce kawai. Jiki yana ganin abin, yana ajiye kamanninsa, amma sojojin da yake ƙerawa 'yan kaɗan ne, kuma ba sa daɗewa. Sai an sake nuna masa karo na biyu yake tashi da gaske. Tazarar mako 4 ɗin nan ma da dalilinta: idan aka matso da ta biyu kusa da ta farko, jiki bai gama koyon darasin farko ba, amsar da zai bayar za ta yi rauni. Don haka ba a rage tazarar ko da lokaci ya ƙure. Tunda ba ki da katin rigakafin yarinta, kuma babu wanda zai tabbatar an yi miki kina ƙarama, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ɗauke ki kamar wadda ba a taɓa yi wa ba. Idan ma an yi miki a baya, ƙarin ba zai cutar da ke ba, iyaka damtsen ya ɗan fi ciwo.

Mu yi lissafin da naki cikin. An yi ta farko a mako na 30. Ta biyu za ta faɗo a mako na 34. Ki ƙara mako 2 da jiki ke buƙata, kin kai mako na 36. Daga mako na 37 ake cewa ciki ya isa haihuwa, yawancin mata kuma suna sauka tsakanin nan da mako na 41 ko 42. Kin ga ke nan kin shiga da ƙyar, da rarar mako ɗaya kacal idan naƙuda ta zo da wuri. Yanzu ki ce wata hidima ta taso, kin ɗaga zuwa mako na 37. Kariyar ba za ta kammala ba sai mako na 39, alhali jarirai da yawa sun riga sun iso duniya kafin nan. Jinkirin mako uku da ba ya kama da komai shi ne zai iya raba jaririn da aka haifa da garkuwa da wanda aka haifa ba shi da ita. Ƙa'idar a taƙaice ita ce ta biyu ta shiga aƙalla mako 2 kafin haihuwa, kuma tunda babu mai sanin ranar haihuwa tabbas, ana yin ta ne a ranar farko da ta halatta.

Akwai abubuwan da ke ƙara matse lissafin. Bakwaini yana fitowa kafin mabiyiya ta gama miƙa masa rabonsa, don haka macen da ta taɓa haihuwar bakwaini, ko take ɗauke da tagwaye, ita ce ta fi kowa buƙatar fara awo da wuri. Zazzaɓin cizon sauro idan ya kama mabiyiya yana iya rage yawan sojojin da ke tsallakawa, haka ma cuta mai karya garkuwar jiki. Ga irin waɗannan matan gidan sauro da magungunan da ake bayarwa a wurin awo suna taimaka wa allurar ta yi aikinta.

Wata za ta karanta wannan tana mako na 36, ba a yi mata ko ɗaya ba, ta ce ai ta makara. A je a yi ta farkon duk da haka. Idan an taɓa yi mata rigakafi tana ƙarama ba ta sani ba, wannan ɗayar za ta farkar da tsohuwar kariyar cikin kwanaki kaɗan. Idan kuma ba a taɓa ba, ta fara jerin da zai kare ta ita kanta da cikin da zai biyo baya. Sai dai ta sani, ta kuma sanar da wadda za ta karɓi haihuwarta, cewa wannan jaririn ba a dogara da allura a kansa ba, tsabtar haihuwa da tsabtar cibiya su ne za su tsare shi.

Na daɗe a kan tetanos saboda duk wanda ya taɓa ganin jaririn da ta kama ba ya mantawa. Ana haihuwarsa lafiya ƙalau, ya yi kuka, ya kama nono yana tsotso kwana biyu na farko. Sannan wani lokaci tsakanin kwana na 3 da na 14, sau da yawa wajen cikar mako, sai uwa ta lura ya daina kama nono. Yunwa yake ji, yana nema, amma bakin ba ya buɗuwa. Fuskar ta tamke, hannuwa su dunƙule, jiki ya sandare, baya ya lanƙwashe. Ƙarar buɗe ƙofa ko hasken fitila ko taɓawa kaɗan sai su tayar masa da jijjiga. A nan ne mutane kan ce iska ce ko an yi masa baki, a tafi neman magani wani wuri, alhali ƙwayar ta shiga ne ta cibiya tun ranar da aka yanke ta da reza mara tsabta, ko aka shafa mata toka ko ƙasa ko wani haɗi don ta yi saurin faɗuwa. Inda babu ɗakin kulawa ta musamman, mafi yawan waɗannan jarirai ba sa tashi. Jaririn da ya fara tsotso sannan ya daina a makonni huɗu na farko, asibiti za a kai shi nan take, ko da tsakar dare ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 1988 jarirai kusan 787,000 ne wannan cuta ta kashe. A 2018 adadin ya sauko zuwa kusan 25,000. Allurar da ake yi wa uwa da haihuwa mai tsabta ne suka kawo wannan sauƙi. Sai dai tetanos ta bambanta da ƙyanda ko shan inna ta wata fuska: ba a ɗaukarta daga mutum, daga ƙasa take zuwa. Ko da an yi wa duk maƙwabtanki allura, wannan bai kare ki ba, kuma ba za a taɓa kawar da ƙwayar daga doron ƙasa ba. Ko wanda ya yi cutar ya warke ba ya samun garkuwa, sai an yi masa rigakafi. Uwa ma tana cikin haɗari, domin raunin haihuwa ko na ɓari ƙofa ce da ƙwayar ke iya bi.

Ki duba katinki, mai yiwuwa za ki ga an rubuta Td, ko TT idan tsohon kati ne. TT ta tetanos ce zalla, Td kuma an haɗa ta da rigakafin mashaƙo, kuma ita ce ƙasashe da yawa suka koma amfani da ita domin kariyar mashaƙo da aka samu a yarinta tana dusashewa. Layuka biyar ne a katin, kuma mata da yawa a na biyu suke tsayawa, su sake farawa daga farko a kowane sabon ciki saboda kati ya ɓata. Wannan asara ce. Allura biyu suna karewa na shekara 1 zuwa 3. Ta uku ana yin ta aƙalla wata 6 bayan ta biyu, wato a naki lissafin lokacin jaririnki yana wajen wata huɗu zuwa biyar, kuma tana kai kariyar aƙalla shekara 5. Ta huɗu bayan shekara guda, ta kai shekara 10. Ta biyar bayan wata shekarar, ita kuma ta wadatar har ƙarshen shekarun haihuwa. Hanya mafi sauƙi ita ce ranar da kika kai jariri nasa rigakafin ki miƙa naki katin tare da nasa. Idan an samu jinkiri, ko na shekaru ne, ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa, matuƙar akwai shaidar abin da aka yi. Ki ɗauki hoton katin a wayarki yau.

Sai allurar mura. E, ta halatta, kuma ana son mai ciki ta yi ta a inda ake samunta. Murar da ake nufi ita ce infuluwenza, mai zuwa farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, ciwon gaɓoɓi da kasala mai kayar da mutum, ba 'yar majinar da ake yi kwana uku ta wuce ba. Ciki yana sauya yadda garkuwar jiki ke aiki, mahaifa tana tura huhu sama ta rage masa wurin buɗewa, zuciya kuma tana aikin mutum biyu. Shi ya sa murar da za ta kwantar da wata mace kwana biyar take iya zame wa mai tsohon ciki ciwon huhu, ko ta tayar da naƙuda kafin lokaci. An ga haka ƙarara a annobar murar 2009, kuma a 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masu ciki a sahun gaba na waɗanda za a ba wannan rigakafi.

Lissafin lokacinta ya sha bamban da na tetanos. Guda ɗaya ce, ana yin ta a kowane watan ciki, kuma abin da ake dubawa shi ne lokacin da murar ke yawo a inda mutum yake zaune, a yi kafin ta kankama. Ba a jira ciki ya tsufa, saboda wadda ake fara karewa ita ce uwar. Jariri ma yana samun rabonsa, kuma yana buƙata, domin ba a yi wa yaro allurar mura sai ya kai wata 6. Wani bincike da aka yi a Bangaladash aka wallafa a 2008 ya nuna cewa jariran matan da aka yi wa allurar sun samu ragin kamuwa da wannan mura da kusan kashi 63 cikin ɗari a watanni shida na farko. Ƙwayar tana sauya kama kowace shekara, don haka ta bara ba ta wadatar da bana. Ki tabbata ta allura ce za a yi miki. Akwai wadda ake fesawa a hanci, ita tana da ƙwaya mai rai da aka raunana, ba a ba mai ciki.

Akwai ta uku da ya kamata ki tambaya, ta tarin shiƙa. A wasu ƙasashe ana haɗa ta da ta tetanos da mashaƙo a allura ɗaya mai suna Tdap. Tarin shiƙa ya fi kisa a makonnin farko na rayuwa, kafin jariri ya kai mako 6 ko wata 2 da ake fara masa nasa rigakafin, kuma ɗan jariri sau da yawa ba ya ma yin tarin, numfashinsa ne kawai yake ɗaukewa ya yi shuɗi. Kariyar tarin shiƙa tana saurin raguwa a jinin uwa, shi ya sa inda ake yin ta ake maimaitawa a kowane ciki, ko da tazarar cikin ba ta da yawa. A Amurka ana yin ta tsakanin mako na 27 da na 36, a Birtaniya daga mako na 16 zuwa na 32. Idan akwai ta a inda kike awo, tana iya zama a madadin ɗaya daga cikin allurarki biyu, kuma mako na 34 yana cikin lokacin da take amfani. Idan babu, Td ɗin ta yi aikin tetanos cikakke. Wasu ƙasashe sun kuma fara ba masu ciki wata sabuwar allura ta RSV, ƙwayar da ke toshe ƙananan hanyoyin numfashin jarirai, ita ma a watannin ƙarshe. Ana iya yin ta mura da ta tetanos rana ɗaya, kowacce a damtse daban.

Waɗanda ake guje wa su ne masu ƙwaya mai rai: ta ƙyanda da rubela, da ta ƙarambau. Su ana yin su ne kafin ciki, a bar wata guda kafin a ɗauka, ko kuma bayan haihuwa, kuma shayarwa ba ta hana su. Idan aka yi wa mace ɗaya daga ciki kafin ta san tana da ciki, kada hankalinta ya tashi. An bi diddigin mata da yawa da hakan ta faru da su ba a ga allurar ta nakasa jariransu ba, kuma ba dalili ba ne na zubar da cikin. Ta sanar da likita kawai. Ta cutar shawara ita ma mai rai ce, amma idan annoba ta ɓarke, ko tafiya ta zama dole zuwa inda cutar take, likita yana iya ganin haɗarin cutar ya fi na allurar. Ta ciwon hanta nau'in B ba ta da rai, ana yi wa mai ciki idan tana cikin haɗarin kamuwa. Ta cizon mahaukacin kare kuwa ba a jinkirta ta saboda ciki ko na kwana ɗaya, domin cutar idan ta bayyana ba a warkewa.

Bayan allurar ki sa ran damtse zai yi tsami, wurin ya ɗan kumbura ko ya yi ja, wataƙila da ɗan zazzaɓi da kasala na kwana ɗaya ko biyu. Ki riƙa motsa hannun, ki ɗora tsumma mai sanyi, ki sha farasitamol idan akwai zazzaɓi. Kada ki sha ibufurofen ko dikulofenak a wannan matakin na ciki. Mura 'yar kaɗan ko ciwon kai ba sa hana a yi miki allura ranar da aka ba ki, zazzaɓi mai zafi ne kawai ake jira ya sauka. Abin da ake tsoro, kuma yana da wuyar faruwa ƙwarai, kamar sau ɗaya a allura miliyan, shi ne jiki ya ƙi allurar nan take: fuska ko leɓe su kumbura, jiki ya feso da ƙuraje masu ƙaiƙayi, numfashi ya yi wuya, jiri ya ɗebi mutum. Yawanci cikin mintunan farko yake zuwa, don haka ki zauna a wurin minti 15 zuwa 30 kafin ki tafi, akwai maganinsa a hannunsu. Idan irin haka ta taɓa faruwa da ke bayan wata allura, ki faɗa kafin a taɓa ki. Zubar jini, fashewar ruwa, ciwon mara mai zuwa yana dawowa, zazzaɓin da ya wuce kwana biyu, ko jariri ya rage motsi, waɗannan ba aikin allura ba ne. Kada ki ɗora mata laifin ki zauna a gida, ki je a duba ki a ranar.

Ranar haihuwa kuma, ko an cika allura biyu ko ba a cika ba, a yanke cibiya da sabon abu mai tsabta, a ɗaure da zare ko maƙalin da aka tanada, da hannun da aka wanke da sabulu. A bar ta a buɗe ta sha iska, a naɗe ƙyallen jariri ƙasa da ita. Idan an ba ki maganin shafawa na kulohekzidin, shi kaɗai za ki shafa, sau ɗaya a rana na mako guda ko yadda aka nuna miki, kuma ki kiyaye kada ya kusanci idonsa. Cibiya tana faɗuwa da kanta, galibi cikin mako ɗaya zuwa biyu, ba ta buƙatar a taya ta da komai. Idan gindinta ya yi ja, ko tana fitar da mugunya ko wari, a kai shi a duba kafin a shafa mata wani abu.